Haila da azumin Ramadan: inda ƙarfi ke tafiya, da yadda za a tsara ci da sha

A wurin macen da ke ganin al'ada, watan azumi kashi uku ne: kwanakin da ke gaba da zuwan jini, kwanakin jinin kansu, da kwanakin da ke biye da wankan tsarki. Kowane kashi da irin buƙatarsa, amma gidaje da yawa abinci iri ɗaya suke ɗorawa tun daga ganin wata har jajibirin Sallah. Daga nan ne mace za ta ga azumin da ta kai cikin sauƙi a makon jiya ya gagare ta a wannan makon, har ta fara zargin kanta da ragwanci, alhali jikin ne ya shiga wani mataki.

Hukuncin addini a nan a bayyane yake. Mai haila ba ta azumi, takan rama bayan Ramadan, kamar yadda ya zo a hadisin Nana A'isha cikin Sahihu Muslim cewa ana umurtarsu da ramuwar azumi, ba a umurtarsu da ramuwar sallah. Idan jini ya zo kafin rana ta faɗi, ko da saura mintuna kaɗan, azumin wannan yinin ya ɓaci. Idan ya ɗauke kafin alfijir, za ta ɗauki azumi ko da wankan ya kai bayan ketowar alfijir. Wannan hukunci yana da tasiri a kan girki, domin yana nufin a tsakiyar watan akwai kusan mako guda da jiki ke da damar ci da sha da rana. Yadda aka yi amfani da wannan makon shi ke nuna yadda ragowar watan zai kasance.

Jinin da ke fita ba shi ke kawo ƙishirwa ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa haila tana ƙarar da ruwan jiki. Ainihin jinin da yawancin mata ke zubarwa a al'ada guda bai wuce mililita 30 zuwa 40 ba, wato cokalin cin abinci biyu zuwa uku, a tsawon dukkan kwanakin. Abin da ake gani a ƙunzugu yana fin haka yawa saboda ya haɗu da majina da fatar cikin mahaifa da ke saɓulewa. Ko wadda likitoci ke cewa jininta ya yi yawa, wato ya haura mililita 80, ba ta zubar da rubu'in ledar fiya wata ɗaya ba, tunda ledar mililita 500 ce. Matar da ta tsaya gaban murhun itace da la'asar a watan Maris tana iya zubar da gumin da ya kai leda guda cikin awa ɗaya. Saboda haka ta fuskar ruwa, jinin haila ƙaramin abu ne.

Abin da ke tafiya tare da jinin shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon. Kowace mililita ɗaya ta jini tana ɗauke da kusan rabin miligiram nasa. Al'ada matsakaiciya tana cin miligiram 15 zuwa 20, mai yawa kuma tana cin 40 ko fiye. Hanji kuwa a hankali yake tsotsar ayon: a cikin abin da aka ci, kusan kashi ɗaya cikin goma ne ke shiga jini, miligiram ɗaya zuwa biyu a yini. Shi ya sa ake so macen da ke al'ada ta samu kimanin miligiram 18 a abincinta kullum, yayin da namiji 8 ya ishe shi. Da ayon ne jiki ke ƙera jan sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa tsoka da ƙwaƙwalwa. Idan ya yi ƙasa, sai kasala, haki a ɗan hawan bene, bugun zuciya, jiri idan an miƙe tsaye, da ciwon kai mai naci.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ma'ana, fiye da rabin matan da ke tashi sahur sun shigo watan ne da ma'aji mai rauni. Irin wannan mace idan ta ce azumi yana wahalar da ita, sau da yawa ƙarancin jinin da take tafe da shi ne azumin ya tona.

Makon da ya fi wuya shi ne wanda jinin bai zo ba tukuna

Kimanin kwana 14 kafin al'ada ta zo ne ƙwai ke fita. Daga nan jiki ke sakin sinadarin firojesteron, wanda aikinsa shi ne shirya mahaifa ko da ciki zai shiga. Wannan sinadari yana yin abubuwa da dama da mai azumi ke ji a jikinta ba tare da ta san dalili ba.

Na farko, yana ɗaga zafin jiki da kusan digiri 0.3 zuwa 0.5. A takarda abin kamar ba komai, amma a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin rana ke kai wa digiri 40 a Maris da Afrilu, wannan ɗan ƙarin yana sa a riƙa jin zafi da wuri, barcin dare ma ya ƙi yin nauyi. Na biyu, yunwa tana ƙaruwa da gaske, domin jiki yana ƙona ɗan abin da ya fi na kullum, kuma sha'awar zaƙi da soye-soye tana tashi. Na uku, hanji yana rage gudu, sai ciki ya cushe, bayan gida ya yi tauri, abin da ƙarancin ruwan azumi ke ƙara tsanantawa.

Akwai kuma abin da ke rikita mata da yawa, wato kumburi. A kwanakin nan ciki yana ɗaurewa, nono yana ciwo, zobe yana matse yatsa, sai mace ta ga kamar ruwa ya yi mata yawa, ta rage sha da dare. Wannan kuskure ne. Ruwan da ya taru a ƙarƙashin fata ya bar hanyoyin jini ne, ba ya kashe ƙishirwa, kuma ba ya hana jiri. Maganin kumburin shi ne rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kilishi da taliyar yara mai ƙunshin gishiri, ruwa kuwa a ci gaba da sha.

Kwana biyu ko uku kafin jini, sinadaran jikin mace suna faɗuwa gaba ɗaya. A nan ne ciwon kai na ɓari ɗaya ke kama masu yinsa, rai yana saurin ɓaci, mara ta fara murɗawa. Mace tana cikin azumi a duk waɗannan kwanakin, ba ta da uzurin haila tukuna, kuma su ne ranakun da jikinta ya fi buƙatar a tausaya masa.

Misali da lissafi

A ɗauki mace mai nauyin kilo 60 a Kano, al'adarta tana zagayowa duk kwana 28, jinin yana yin kwana shida. Ta duba kwanan da ta ga na baya, ta lissafa cewa wannan zai zo ranar 12 ga Ramadan. Ke nan ƙwanta ya fita kusan kwana biyu kafin a ga wata. Daga 1 zuwa 11 tana cikin kwanakin firojesteron, kuma 7 zuwa 11 su ne mafi nauyi. Daga 12 zuwa 17 ba ta azumi. Daga 18 har kusan 26, lokacin da wani ƙwan zai fita, tana cikin kwanakin da zafin jiki ya sauka, kumburi ya sace, barci ya gyaru, don haka mafi yawan goman ƙarshe zai same ta a yanayi mafi sauƙi, matuƙar ta yi amfani da kwana shidan nan yadda ya kamata. Wadda tata ta zo ranar 1 ko 2 ga wata kuma tana iya ganin jini sau biyu a Ramadan ɗaya, kuma goman ƙarshenta za ta faɗa cikin makon wuya. Ita sai ta san da haka tun farko, ta rage wa kanta aikin cincin da dubulan na Sallah a ranakun.

A Arewa azumi yana ɗaukar awa 13 zuwa 14, abin da ya rage na ci da sha awa 10 zuwa 11 ne, kuma ana barci a rabinsu. Mace mai wannan nauyin, a lokacin zafi, tana buƙatar ta sha kusan lita biyu da rabi tsakanin magariba da alfijir, wato ledar fiya wata biyar, ban da ruwan da ke cikin miya da 'ya'yan itace. A makon wuya, ko ranar da ta yi girki mai yawa a rana, ta ƙara ta shida.

Yadda aka rarraba ruwan ya fi yawansa muhimmanci. Ƙoda ba ta ajiye ruwa don gobe. Idan aka kwankwaɗi leda uku a tashi ɗaya dab da kiran sallar asuba, mafi yawansa zai fita ta fitsari kafin hantsi, kamar yadda ruwan sama mai ƙarfi ke gudu a kan busasshiyar ƙasa ba tare da ya nutse ba. Tsarin da ya fi kama jiki shi ne leda ɗaya a buɗa-baki, a sha a hankali, ɗaya tsakanin magariba da isha'i, ɗaya a tafi da ita tarawihi ko a sha bayan an idar, ɗaya kafin barci ko lokacin tahajjud, ɗaya kuma a sahur tare da abinci. Ruwan da aka sha da abinci ya fi daɗewa a jiki, domin abincin yana riƙe shi a ciki yana sakinsa kaɗan-kaɗan.

Ma'aunin da ba ya buƙatar kuɗi shi ne fitsari. Idan kafin barci da lokacin sahur launinsa fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, an sha isasshe. Ya yi duhu da la'asar ba abin mamaki ba ne ga mai azumi. Amma idan da sahur ma yana nan ja kamar shayi, to an shiga sabon yini da bashin jiya.

Abin da za a ɗora a makon wuya

Sahur shi ne abincin da ya kamata a fi kashe wa tunani a ranakun 7 zuwa 11. Burodi da shayi mai sukari, ko farar shinkafa da mai da yaji, suna narkewa da sauri, sukarin jini ya hau ya sauko, kafin azahar hannu ya fara rawa. Abin da ke riƙe ciki shi ne haɗuwar hatsin da ba a cire masa dusa sosai ba, da abinci mai gina jiki, da ɗan mai. Ɗumamen tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa da yankan nama biyu yana yin wannan aikin. Haka alale ƙulli biyu da dafaffen ƙwai da kofin koko, ko wake da shinkafa wanda waken ya kai rabin kwanon, ko fura da nono marar sukari da yawa tare da ƙwai biyu. Miyar yauƙi da wake suna taimaka wa hanjin da ya yi sanyi, kuma yanka biyu na kankana ko gwanda suna ƙara ruwa.

A buɗa-baki, sha'awar zaƙi gaskiya ce, kuma yaƙi da ita gaba ɗaya ba ya ɗorewa. Dabino uku da ruwa, sannan kofi ɗaya na kunun tsamiya ko kunun gyaɗa da ƙosai huɗu ko biyar, ya isa a tashi a yi sallah. Inda ake samun matsala shi ne a cika ciki da lemon kwalba mai sanyi da soyayyen dankali da fanke da sambusa, har babban abinci ya rasa wurin shiga. Mace ta ƙoshi, amma ba ta ci komai mai ayon ba, kuma man da ya yi yawa zai tayar mata da ƙwannafi da dare. Babban abincin ya fi kyau bayan isha'i: tuwo da miyar alayyahu ko zogale ko taushe, da nama ko kifi kamar girman tafin hannu.

Shayi yana buƙatar magana ta musamman, domin a gidaje da yawa shi ne abokin kowane abinci. Ganyen shayi yana ɗauke da sinadarin da ke ɗaure ayon ɗin da ke cikin wake da ganye da hatsi, ya hana hanji tsotsarsa, kuma ragin ba ƙarami ba ne, yana iya haura rabi. Kofi da goro ma suna da irin wannan hali. Ba sai an daina ba, a dai ba shi tazarar awa ɗaya zuwa biyu bayan abinci. Akasin haka, abu mai sinadarin bitamin C yana buɗe wa ayon hanya: lemon zaƙi, gwaba, ɗanyen tumatir, matsin lemon tsami a kan kwaɗon zogale, ko kwalba da nono da aka dama da garin 'ya'yan kuka. Jiƙa gero da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, shi ma yana rage abin da ke riƙe ayon a cikin hatsin, don haka koko ya fi gero da aka niƙa aka dafa nan take a wannan fannin.

Idan mara ta fara ciwo tun jini bai zo ba, farasitamol a sahur da kwalbar ruwan ɗumi a kan mara da rana su ne mafi aminci. Ibuprofen da danginsa sun fi kashe ciwon mara, amma shan su dab da shiga yini mai tsawo ba ruwa yana takura wa ƙoda, yana kuma tayar da gyambon ciki. Idan dole ne, a sha bayan babban abincin dare da ruwa sosai.

Kwana shidan da ake ɓarnatarwa

Nan ne aka fi yin asara. Mace ba ta azumi, amma kunya ba ta barinta ta ci. Akwai yara maza a gida, akwai suruka, akwai ƙannen miji, kowa da azumi a bakinsa. Sai ta wuni da kurɓin ruwa a ɓoye da guntun biskit, ta yi girkin buɗa-bakin gidan gaba ɗaya tana zubar da jini, sannan ta ci da magariba tare da kowa. Ba ta samu azumi ba, domin sai ta rama, ba ta kuma samu hutun da aka ba ta ba. 'Yan mata da suka fara al'ada sun fi faɗawa wannan hali, har wasu kan tashi sahur don kada a gane. Hakkin uwa ne ko yaya ta gaya wa yarinya a fili cewa ta ci, ta kuma ajiye mata abincin rana a ɗaki. Kame baki daga ci a bainar jama'a ladabi ne mai kyau, amma bai hana cin abinci sau uku a cikin ɗaki ba.

A kwana biyun farko mahaifa tana sakin sinadarin da ke sa ta matsewa, shi ne tushen ciwon mara, kuma shi ne ke sa wasu gudawa ko tashin zuciya ko amai. Wannan ita ce hanyar da haila ke jawo asarar ruwa ta gaske. Wadda ta yi gudawa sau uku ko fiye ta haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, ko ta haɗa da kanta: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yanzu da take cin abinci da rana, tana iya shan ibuprofen miligiram 400 bayan abinci har sau uku a yini na kwana biyu ko uku, idan ba ta da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma da irin maganin ke tayarwa. Yana rage ciwo, yana kuma ɗan rage yawan jinin. Asfirin kuwa yana iya ƙara zubar jini, a bar shi.

Abincin kwanakin nan ya karkata ga ayon. Na jikin dabba ya fi shiga jini sau biyu ko uku a kan na tsiro. Giram 100 na hantar saniya yana da kusan miligiram 6, jan nama kusan 2.5, kofi ɗaya na dafaffen wake kusan 4, ƙwai ɗaya kusan 1. Saifa ta fi su duka, kuma tana da araha a wurin mahauta. Matar misalinmu za ta iya karyawa da koko da ƙosai da lemo ɗaya, da rana ta ci faten wake da alayyahu, da dare ta ci tuwon gidan da farfesun hanta ko saifa sau ɗaya ko biyu a makon, sauran ranakun nama ko kifi. Da wake da rana da hanta da dare kaɗai ta samu miligiram 10, gero da ganye da daddawa za su kai ta kusa da 18. A ranakun azumi, da abinci biyu kacal, kai wa wannan adadin yana da wuya, shi ya sa makon yake da daraja. Inda nama ya yi tsada, ko ɗan kaɗan aka yanka a cikin tukunyar wake yana ƙara yawan ayon ɗin da hanji zai tsotsa daga waken.

Komawa azumi ranar 18 kan zo da ɗan ciwon kai da yunwa irin ta ranar farko, musamman ga wadda ta koma shan shayi da safe a kwanakin hutun. Dabara ita ce ta bar shayin a lokacinsa na dare ko da ba ta azumi, kuma a daren da take sa ran tsarki ta cika ledojinta biyar, ta shirya sahur mai nauyi tun kafin ta kwanta, kada ta wayi gari da tsarki ba ta ci komai ba.

Lokacin da abinci kaɗai ba zai isa ba

Akwai alamun da ke nuna jinin ya wuce kima: ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, sau da dama a jere, ana tashi cikin dare a canza, guda-gudan jini masu girman ƙwayar goro suna fita, ko jinin yana wuce kwana bakwai. Idan aka haɗa da farin ido da farin tafin hannu, ko kwaɗayin farar ƙasa da taunar ƙanƙara, to ma'ajin ayon ya yi ƙasa ƙwarai. Kwaɗayin farar ƙasar nan alama ce da ake yawan rainawa, kuma cin ta yana ƙara hana ayon shiga jini. Irin wannan mace tana buƙatar gwajin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar himogulobin, wato jan sinadarin jini, ƙasa da 12 a matsayin ƙarancin jini ga macen da ba ta da ciki, wanda ya yi daidai da PCV ƙasa da kusan 36 a takardar gwajin da aka saba bayarwa a asibitocinmu. Ana kuma bincika dalilin yawan jinin, domin ƙari a mahaifa da wasu hanyoyin tazarar haihuwa suna jawo shi, kuma akwai maganin da likita ke bayarwa don rage shi.

Ƙwayar ƙarin jini ta gama-gari, mai miligiram 200, tana ɗauke da kusan miligiram 65 na ayon. Ba ta aiki cikin dare ɗaya: ana ɗaukar makonni uku zuwa huɗu kafin a ga jinin ya ɗaga sosai, kuma ana ci gaba da sha kusan wata uku bayan ya daidaita don ma'ajin ya cika. Saboda haka lokacin gwaji da fara magani shi ne Rajab ko farkon Sha'aban. A cikin Ramadan, lokacin shanta mafi dacewa shi ne kafin barci, awa biyu bayan abinci, da ruwa ko lemon zaƙi, nesa da shayi da nono. Shanta a sahur yana sa wasu tashin zuciya duk safiya. Baƙin bayan gida ba abin tsoro ba ne. Idan tana cushe ciki, shan ƙwaya ɗaya yau a tsallake gobe yana aiki, kuma ya fi sauƙi a jiki. Mai sikila kada ta sha sai da gwaji da izinin likitanta, domin ƙarancin jininta daban ne, kuma ayon yana iya yi mata yawa.

Wasu matan kan nemi maganin ɗage al'ada don su azumci watan gaba ɗaya. Wanda aka fi bayarwa shi ne noretisteron, miligiram 5 sau uku a yini, ana farawa kwana uku kafin ranar da ake sa ran jini, kuma jinin yana zuwa kwana biyu ko uku bayan an daina. Malamai da dama sun halatta shi idan ba zai cutar ba, amma a san abin da ake saya. Maganin dangin firojesteron ne, wato yana tsawaita makon wuya ne da kumburinsa da ciwon kansa. Cusa shan maganin sau uku cikin awa goma na dare yana barin tazara mai tsawo da rana, daga nan sai ɗigon jini ya ɓullo, mace ta shiga ruɗanin ko haila ce ko ba ita ba. Ba ya hana ɗaukar ciki, kuma bai dace da mai ciki ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon hanta. Abu ne na likita, kada a karɓa a kan kantar kemis da shawarar ƙawa.

Jinin da ya zarce kwanakinsa kuma yana da fuska biyu. A mazhabar Malikiyya, mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta, matuƙar jimillar ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya jinin cuta ne, za ta yi wanka ta yi sallah ta yi azumi. Amma macen da ta kai wannan matsayi ta riga ta zubar da jini mai yawa, don haka bayan tambayar malami akwai ganin likita. Idan tana azumin sai ta ji jiri har ba ta iya tsayuwa, ko zuciya tana bugawa da sauri tana zaune, ko ta wuni ba fitsari, ko tunaninta ya fara rikicewa, wannan ya zama rashin lafiya, kuma aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar ya sha ya rama. Ta karya da ruwan gishiri da sukari, ta kwanta a inuwa da ƙafafu a ɗage, idan ba ta dawo daidai cikin awa ɗaya ba a kai ta asibiti.

Ramuwar ma tana son lissafi iri ɗaya. Matar misalinmu tana da bashin kwana shida, kuma tana da har zuwa Sha'aban mai zuwa. Ranakun da suka fi mata sauƙi su ne mako guda ko kwana goma da ke biye da wankan tsarki, lokacin da zafin jiki ya sauka kuma yunwa ba ta da ƙarfi. Idan ta haɗa wannan da sanyin damina ko na hunturu, a Disamba ko Janairu da yini ya fi gajarta, ƙishirwar ba za ta kai ta bazara ba. Za ta iya yin uku bayan tsarkin wannan watan, uku bayan na gaba, ko ta bi Litinin da Alhamis har ta kammala, ta bar makon da ke gaba da jini ba ta sa ramuwa a cikinsa ba.